Hoto Garau, Shafi Mara Nauyi: Yadda Ake Shirya Hotuna da Tambari Kafin a Ɗora Su

A ɗauki misalin wani mai sayar da shadda da atamfa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, wanda ya buɗe shafin intanet domin masu saye daga Abuja ko Maraɗi su riƙa ganin kayansa ba sai sun tako zuwa shago ba. Ya shimfiɗa kaya kala ashirin, ya ɗauki hoton kowane da wayarsa, ya ɗora su yadda suka fito. A saman shafin kuma ya sa tambarin shagon, wanda mai buga masa katin kasuwanci ya turo masa ta WhatsApp.

Shafin da ya fito yana da ciwo biyu da kamar ba za su haɗu wuri guda ba. Hotunan kayan suna da nauyin da sai mai saye ya yi ta jira kafin su buɗe, tambarin kuwa ya fito dishi-dishi, da wani datti-datti a gefen haruffansa. Hotunan sun yi girma fiye da kima, tambarin kuma ya yi ƙanƙanta, an kuma ajiye shi a nau'in fayil ɗin da bai dace da shi ba. Tushen ciwon biyun ɗaya ne: ba a auna gurbin da hoto zai zauna ba kafin a ɗora shi, ba a kuma duba wane irin hoto ba ne.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa hoto mai nauyi shi ne mai kyau, don haka duk wanda yake son shafinsa ya yi sauri dole ya haƙura da kyan hoto. Lissafi bai goyi bayan wannan tunani ba.

Kowane hoton kyamara tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel, an jera su layi-layi kamar saƙar tabarma. Wayar da ke ɗaukar hoto mai megafiksel 12 tana fitar da kusan fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsawo, wato ɗigo miliyan 12. Ko bayan wayar ta matse shi, irin wannan hoto yakan kai megabayit 3 zuwa 5. A ce megabayit 4 ne. Hotuna ashirin na ɗan kasuwar nan sun zama megabayit 80 ke nan. Idan sabis ɗin mai saye yana gudu a kan megabit 4 a daƙiƙa, wanda yake daidai da rabin megabayit a daƙiƙa, sai ya jira daƙiƙa 160 kafin su gama sauka, minti biyu da daƙiƙa arba'in. Wanda ya sayi datar gigabayit ɗaya kuma, buɗe wannan shafi sau goma sha biyu ya isa ya kusa lashe masa ita.

To, me mai sayen ya samu da wannan jira da wannan asarar data? Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika hannun jama'a, irin su Tecno da Infinix da itel, fuskarsu takan ɗauki fiksel 720 ne a faɗi. Idan aka turo wa irin wannan waya hoto mai faɗin 4000, dole ta sauke shi gaba ɗaya, ta warware shi, sannan ta ƙanƙance shi zuwa 720 domin ya shiga fuskarta. Sauran ɗigon duk zubar da su take yi, ido bai taɓa ganinsu ba. Kuma wahalar ba ta tsaya a kan data ba. Kafin waya ta nuna hoto sai ta baje shi a ma'ajiyarta ta aiki, inda kowane fiksel yake cin bayit huɗu, don haka hoto mai ɗigo miliyan 12 yana cin kusan megabayit 48 shi kaɗai. Shi ya sa ƙaramar waya takan yi zafi, ta riƙa sarƙewa, wani lokaci shafin ya rufe da kansa.

Auna gurbi kafin a yanka

Tela ba ya yanka yadi sai ya auna jikin mai riga, kuma aikin hoto ma daga awo yake farawa. Sai dai a nan akwai wani abu da yake rikita mutane, domin fiksel iri biyu ne. Akwai wanda mai tsara shafi yake awo da shi, akwai kuma ainihin ɗigon da ke jikin gilashin wayar. A da su biyun daidai suke. A shekarar 2010 kamfanin Apple ya fito da iPhone 4, wadda fuskarta ke da ɗigo 640 a faɗi amma take nuna shafi kamar mai faɗin 320, wato kowane fiksel na awo yana samun ɗigo biyu a faɗi da biyu a tsawo. Daga nan sauran masu ƙera waya suka bi sahu. Wayar nan mai ɗigo 720 takan gabatar da kanta ga shafi a matsayin mai faɗin 360, wasu masu tsada kuma suna ninka uku.

Abin da wannan ke nufi a aikace ba shi da wuya. A auna faɗin gurbin da hoton zai zauna, a ninka shi biyu. Hoton da zai cika faɗin waya yana buƙatar fiksel 720 zuwa 800. Idan hotunan za su jeru biyu-biyu a layi, 400 ya ishi kowane. Wanda ya ba da ƙasa da haka, waya za ta miƙe hoton don ya cika gurbin, sai ya yi dishi-dishi. Wanda ya ba da fiye da haka da nisa, nauyi kawai ya ƙara. Ninkin uku ma ba kasafai yake biyan kuɗinsa ba, saboda a irin nisan da mutum yake riƙe waya, da wuya ido ya bambanta ninki biyu da ninki uku a hoton kyamara.

A koma ga shaddar. Idan aka rage hoton daga 4000 da 3000 zuwa 800 da 600, ɗigonsa sun sauko daga miliyan 12 zuwa 480,000. Kashi ɗaya bisa ashirin da biyar ke nan. An rage faɗi sau biyar, amma saboda tsawo ma ya ragu sau biyar, nauyin ya faɗi warwas. Irin wannan hoto, idan aka matse shi daidai, yakan tsaya a wajen kilobayit 100. Guda ashirin sun zama megabayit 2 a maimakon 80, jiran minti biyu da daƙiƙa arba'in ya koma na daƙiƙa huɗu, kuma a fuskar wayar mai saye hoton bai rasa komai ba.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin masu aikin zane, cewa hoton intanet sai an mayar da shi 72 DPI. Wannan lamba ta masu ɗab'i ce, tana faɗa wa injin buga takarda ɗigo nawa zai zuba a inci ɗaya. A hoton shafi burauza ba ta damu da ita ba. Hoto mai faɗin fiksel 800 yana nan a 800 ko an rubuta masa 72 ko 300.

Abin da ake zubarwa idan an matse hoto

Mataki na biyu shi ne matsewa. Tsarin JPEG, wanda ya fito a 1992 kuma har yau shi ne ya fi yawa a hotunan kyamara, yana aiki ne da raunin idon ɗan Adam. Ido ya fi kula da haske da duhu fiye da ƙananan bambance-bambancen launi, don haka JPEG yakan rage bayanin launi ya bar na haske. Sannan yana yanka hoton gida-gida, kowane gida fiksel takwas a faɗi takwas a tsawo, ya zubar da ƙananan bayanan da ido ba zai lura da rashinsu ba. Lambar inganci da ake gani a manhajojin gyaran hoto, daga 1 zuwa 100, ita ce take faɗin yawan abin da za a zubar.

Zuciya takan raya wa mutum ya zaɓi 100. Kuskure ne. Tsakanin 80 da 100 fayil yana iya ninka nauyinsa sau biyu ko fiye, alhali ido ba ya ganin wani bambancin kirki. Ga yawancin hotuna, 75 zuwa 85 ya wadatar. Idan aka yi ƙasa sosai kuwa, ɓarnar takan fito fili, kuma tana da alamun da kowa zai iya koyon gane su: a wuri mai santsi kamar sararin sama ko farin bango, launi yakan rabu hawa-hawa kamar matakala, ƙananan murabba'ai sukan bayyana a inuwa, a gefen abu mai kaifi kuma sai a ga wani hazo kamar sauro sun kewaye shi. Lambobin nan ba ɗaya suke ba a kowace manhaja, 80 na wannan ba lallai ya zama 80 na waccan ba, don haka ido ne alƙali. Manhajar Squoosh, wadda ma'aikatan Google suka fitar a 2018 kuma take aiki kyauta a cikin burauza, tana ajiye hoton asali da wanda aka matse gefe da gefe, da sanda a tsakiya da ake ja hagu da dama, ga kuma nauyin fayil a ƙasa. Mutum ya riƙa rage lambar har ya fara ganin ɓarna, sannan ya ɗan koma sama.

Mai sayar da yadi yana da wata matsala ta musamman. JPEG yana jin daɗin wuri mai santsi, yana shan wahala a wuri mai ƙananan zane. Hoton atamfa mai cike da fulawoyi zai fi hoton farin kwano a kan tebur nauyi ko da girmansu ɗaya. Yadi mai siraran layuka kuma, idan aka ƙanƙance hotonsa, yakan haifar da wasu igiyoyi masu lanƙwasa da babu su a jikin yadin, irin waɗanda ake gani idan mai rigar layi-layi ya fito a talabijin. Maganin da ya fi dacewa shi ne a yi hotuna biyu: ɗaya na yadin gaba ɗaya don a ga launi da tsarin zane, ɗaya kuma na kusa da kusa, wanda aka yanko daga babban hoton, don a ga saƙa da sheƙi. Ƙananan hotuna biyu sun fi ƙaton hoto ɗaya sauƙi, sun kuma fi shi nuna kaya.

Tun wurin ɗauka ma ake fara samun sauƙi ko nauyi. Hoton da aka ɗauka a cikin shago mai duhu yakan fito da yashi-yashi, kuma JPEG ba ya bambanta wannan yashin da zanen gaskiya, sai ya ɓata wuri wajen adana shi. Fitar da yadin bakin ƙofa, inda hasken rana yake shigowa ba kai tsaye ba, yana ba da hoto mai tsabta wanda kuma ya fi matsuwa. Shimfiɗa shi a kan abu mai launi ɗaya yana taimakawa. Goge gilashin kyamara, musamman lokacin ƙurar hunturu, yana gyara dishi-dishin da babu manhajar da za ta iya gyarawa daga baya. Janyo abu kusa da yatsu biyu a fuskar waya kuwa, a yawancin wayoyi, yanka hoton ne kawai da miƙe shi. Takawa a matsa kusa ya fi.

Wani abin da ya kamata a riƙe da kyau shi ne cewa abin da JPEG ya zubar ya tafi ke nan. Duk lokacin da aka buɗe hoton, aka gyara, aka sake ajiye shi, sai a sake zubar da wani abu. Hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an rage shi an matse shi, idan aka ɗauki hoton fuskar waya daga gare shi aka sake turawa, sai ya ƙara lalacewa. Don haka a ajiye hoton asali a wuri guda ba tare da an taɓa shi ba, duk wani ƙarami a cire shi daga asalin. Idan dole sai an tura ta WhatsApp, a tura shi ta zaɓin Document, wanda yake kai fayil yadda yake.

Wanda yake da hotuna da yawa kuma yana aiki da kwamfuta zai iya amfani da manhajar ImageMagick, inda layi ɗaya yake gama aikin:

```
magick shadda.jpg -auto-orient -resize 800x -strip -quality 80 shadda-800.jpg
```

Umarnin yana daidaita tsayuwar hoton, ya mayar da faɗinsa 800, ya cire bayanan da ke ɓoye a cikinsa, ya ajiye shi a inganci 80 da sabon suna. Cire ɓoyayyun bayanan nan ya wuce batun nauyi. Waya takan rubuta samfurinta da ranar ɗauka a cikin fayil, kuma idan an kunna mata sanin wuri, har da daidai inda aka tsaya aka ɗauki hoton. Macen da take sayar da kaya daga cikin gidanta tana iya ɗora adireshinta a intanet ba ta sani ba. Sai dai a kula, wannan cirewa tana tafiya har da bayanin launi, kuma wasu wayoyi, kamar iPhone, suna ɗauka da tsarin launi mai faɗi. Idan aka cire bayanin ba tare da an fara mayar da hoton tsarin sRGB ba, launi yakan ɗan koɗe. Ga mai sayar da shadda, wanda cinikinsa yake iya ɓaci saboda ruwan goro ya fito kamar ruwan ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai sababbin tsare-tsare da suka fi JPEG iya matsewa. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, bisa gwajin kamfanin yakan fi JPEG sauƙi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari a inganci iri ɗaya, kuma tun da Safari ta karɓe shi a 2020 duk manyan burauzoji suna buɗe shi. AVIF, wanda ya fito a 2019, yakan fi shi ma matsuwa. Suna da amfani, amma a bayan awo suke zuwa. Sauya tsari yana rage kusan kashi ɗaya bisa uku, rage girma kuwa a misalin shaddar nan ya rage ɗigon sau ashirin da biyar. Wanda ya mayar da hoto mai faɗin 4000 zuwa WebP ya ɗora shi a haka, har yanzu shafinsa yana da nauyi.

Tambari ba hoton kyamara ba ne

Yanzu a hau saman shafin, inda tambarin yake dishi-dishi. Tambari zane ne mai launi biyu ko uku, da layuka masu kaifi, da haruffa. Duk dabarar JPEG ta ginu ne a kan cewa launi yana narkewa a hankali daga wannan zuwa wancan, kamar yadda yake a fuskar mutum ko a ganyen bishiya. Idan ya gamu da jan harafi a kan farin fili, inda launi ya sauya farat ɗaya, sai ya bar datti a gefen. Jan rubutu ya fi shan wahala, saboda rage bayanin launin da aka ambata. Ƙari a kan haka JPEG ba ya iya barin bayan zane a fili yadda za a ga abin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa ake yawan ganin tambari zaune cikin farin akwati a kan shafi mai launin shuɗi.

Abin da ya dace da tambari shi ne SVG, tsarin da hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da shi a 2001. Shi ba ya adana ɗigo ko ɗaya. Umarnin zane yake adanawa: ja layi daga nan zuwa can, cika wannan fili da launi kaza. Ga tutar Nijeriya baki ɗayanta a wannan tsari:

```
<svg xmlns="http://www.w3.org/2000/svg" viewBox="0 0 6 3">
<rect width="6" height="3" fill="#008751"/>
<rect x="2" width="2" height="3" fill="#fff"/>
</svg>
```

Layi na biyu ya shafe filin da kore, na uku ya ɗora fari a tsakiya. Fayil ɗin bai kai bayit 200 ba, kuma saboda na'ura ce take zana shi sabo a duk lokacin da aka buɗe, zai fito tar a fuskar ƙaramar waya, zai fito tar a allon talla na bakin titi. Tambarin shago na yau da kullum yakan tsaya a 'yan kilobayit kaɗan.

Abin sha'awa shi ne, mafi yawan tambura a irin wannan siga aka fara zana su. Masu ɗab'i a garuruwanmu da CorelDRAW suka fi aiki, wasu da Adobe Illustrator, kuma dukansu suna iya fitar da SVG, haka ma Inkscape da ake samu kyauta. Wato tambarin ɗan kasuwar nan mai kaifi yana nan kwance a kwamfutar wanda ya zana masa, hotonsa kawai aka turo masa. Abin da zai nema shi ne fayil ɗin asali.

A nan akwai tarkon da ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Idan sunan shago yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, aka fitar da SVG ɗin da haruffan a matsayin rubutu, to wayar mai kallo za ta nemi salon rubutun da aka yi amfani da shi. Idan ba ta da shi, za ta musanya da wani, siffar tambarin ta canza. Idan salon da ta samu ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai ta aro harafin daga wani salo dabam ya fito bare a tsakiyar kalma, ko kuma wani ɗan akwati ya zauna a gurbinsa. Maganin shi ne a mayar da rubutun zane kafin a fitar. A CorelDRAW umarnin shi ne Convert to Curves, a Illustrator Create Outlines, a Inkscape kuma Object to Path. Bayan haka ƙ ta zama siffa kamar kowace siffa, babu wayar da za ta ɓata ta.

Tarko na biyu shi ne SVG na jabu. Wani sai ya ɗauki tsohon JPEG ɗin nan mai dishi-dishi ya cusa shi cikin fayil mai suna SVG. Sunan ya canza, ɗigon suna nan, nauyin ma ya ƙaru. Gane shi ba wuya: a buɗe shi a burauza a ƙara girmansa sosai, idan gefuna suka farfashe to jabu ne. Ko a buɗe shi da Notepad, idan aka ga `<image` da kalmar `base64` da dogon shirgin haruffa marasa ma'ana, hoto ne aka naɗe a ciki.

Idan fayil ɗin asali ya ɓace, ko manhajar da aka gina shafin da ita ta ƙi karɓar SVG, kamar yadda WordPress yake ƙi idan ba a ƙara masa wani abu ba, sai a koma PNG. Wannan tsari na 1996 ba ya zubar da komai idan ya matse, kuma yana barin bayan zane a fili. A fitar da shi a ninki biyu na gurbinsa: tambarin da zai zauna a gurbi mai faɗin 150 a yi shi 300. Amma PNG na zane ne da rubutu. Hoton kyamara da aka ajiye a PNG yana iya ninka na JPEG sau biyar ko fiye, kuma wannan na cikin kurakuran da aka fi samu a shafuka masu nauyi.

Yadda ake faɗa wa shafi

Saura ɗan aiki a jikin shafin kansa. Tunda masu kallo ba na'ura iri ɗaya suke riƙe da ita ba, ana iya shirya hoto ɗaya a girma uku a bar burauza ta zaɓa:

```
<img src="shadda-800.jpg"
     srcset="shadda-400.jpg 400w, shadda-800.jpg 800w, shadda-1200.jpg 1200w"
     sizes="(max-width: 600px) 100vw, 400px"
     width="800" height="600" alt="Shuɗiyar shadda mai zanen ganye">
```

Layi na biyu ya lissafa hotunan uku da faɗin kowane. Na uku ya ce a ƙaramar fuska hoton zai cika faɗi, a babba kuma zai zauna a gurbin 400. Wayar nan mai faɗin 360 da ninki biyu tana buƙatar 720, sai ta ɗauki na 800. Tsohuwar kwamfuta mara ninki ta ɗauki na 400. Wanda ya gina shafinsa da WordPress ba sai ya rubuta wannan da hannu ba, manhajar takan yi shi da kanta.

Lambobin `width` da `height` suna maganin wani abu mai ban haushi da kowa ya taɓa gani: mutum yana cikin karatu, hoto ya sauko, rubutun ya yi tsalle ƙasa, yatsa ya danna abin da ba a nufa ba. Idan burauza ta san siffar hoto tun kafin ya iso, sai ta tanadar masa gurbi. Rubutun `alt` kuma shi ne yake bayyana idan hoton ya ƙi buɗewa, shi ne kuma manhajar makafi take karantawa.

Ga hotunan da suke can ƙasan shafi, ƙara `loading="lazy"` yana sa burauza ta jinkirta sauke su sai mai kallo ya kusa isa wurinsu. Wanda ya duba shadda huɗu ya fita bai biya datar sauran goma sha shida ba. Sai dai kada a sa wa babban hoton da ke saman shafi wannan umarni, domin shi ne ake so ya fara fitowa. Ma'aunin da Google ya fitar a 2020 yana ɗaukar shafi a matsayin mai kyau idan abu mafi girma a fuskar farko ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi, kuma a shafuka da yawa wannan abu hoto ne.

Gwajin ƙarshe ba a kwamfutar ofis ake yin sa ba, inda sabis yake da ƙarfi kuma hotunan sun riga sun zauna a ma'ajiyar burauza. Shafin PageSpeed Insights yana karɓar adireshi kyauta, ya jera hotunan da suka fi gurbinsu girma da yawan kilobayit da za a iya ragewa a kowane. Bayan wannan, mai shafi ya ari ƙaramar waya irin wadda masu sayensa suke riƙewa, ya kashe Wi-Fi, ya buɗe shafin da data, ya ƙirga daƙiƙun da idonsa a kan fuskar. Idan hoton farko ya wuce daƙiƙa uku bai fito ba, ya koma ya duba faɗinsa, domin a mafi yawan lokuta zai tarar har yanzu yana nan a fiksel 4000 yadda ya fito daga kyamara.